Wani ya zo shago yana ihu wai abincina ne ya sa shi amai, ya zan yi da shi?

Maman Ilham: Slm 'yan uwa, don Allah shawara nake nema da gaggawa. Ɗazu da safe wani kwastoma ya zo shagona nan wajen Tashan Dukku yana ta ɗaga murya gaban mutane wai dafadukan da ya saya jiya ne ta sa shi amai har sai da aka masa ƙarin ruwa, wai in ba shi dubu 18 da ya kashe ko ya saka ni a Facebook. Mutum biyu da suka zauna za su ci suka tashi suka tafi. Na dai ce masa ya dawo bayan la'asar, wlh jikina har yanzu rawa yake.

Hamma Sale mai shayi: Turo shi aka yi kawai. Ki duba cikin masu abincin layinku wa kuka samu saɓani kwanan nan. Ko sisi kar ki bayar, kina bayarwa gobe wani ma zai zo da nashi cikin.

Adda Jummai nas: Hamma a bar zancen turowa tukuna. Maman Ilham kin kyauta da kika sa masa lokaci ba ki tsaya cacar baki ba. In ya dawo kar ki tare shi a bakin tukunya, ki shigar da shi ciki ko bayan shago, ki ba shi kujera, ki fara da "sannu Malam, ya jikin" ki bar shi ya zazzage duk abin da ke ransa. Kar ki ce ba abincina ba ne, kar kuma ki ce laifina ne, don ke ma ba ki sani ba tukuna. In ya huce sai ki tambaye shi a hankali ƙarfe nawa ya saya, ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa abin ya fara, amai ne ko zawo ko duka, da zazzaɓi ko babu, kuma wa ya ci tare da shi. Lokacin nan shi zai nuna miki hanya.

Maman Ilham: Adda ai cikin faɗan ya faɗi wasu. Wajen ƙarfe 2 ya saya a tekawe, ya ci rabi ya ajiye sauran cikin kekensa, ɗan Napep ne, sai bayan isha'i wajen 8 ya ƙarasa. Amai ya fara 11 na dare. Bai ce komai kan zawo ba.

Baban Sadik: To ai shi kenan kin fita. Gubar abinci ba ta nunawa a awa uku, sai ta kwana ta wuni a ciki. Wani abu ya ci shekaranjiya ko ruwan leda ya sha a hanya.

Adda Jummai nas: Baban Sadik rabin maganarka gaskiya ce. Akwai masu daɗewa, taifot kan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, kwalara kuma daga 'yan awanni har kwana 5, shi ya sa in mutum ya ce tuwon jiya ne ya sa masa taifot to ba haka ba ne. Amma akwai mai saurin ma, kuma ita shinkafa ce gidanta. Akwai ƙwayar cutar da ke zuwa a jikin ɗanyar shinkafa tun daga gona, dafuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya, to in dafaffiyar ta zauna da ɗumi-ɗumi na awanni sai ta farfaɗo ta zuba guba a ciki. Wanda ya ci zai fara tashin zuciya da amai cikin awa 1 zuwa 6, yawanci kuma kafin kwana ɗaya ya wuce ya warware. Abin haushin shi ne ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba, za ki ganta lafiya lau. To ya ci 8 ya fara amai 11, lissafin ya zauna daidai kan ragowar da ta yi awa shida cikin leda a keke da wannan zafin na Gombe.

Maman Ilham: Alhamdulillah, kenan laifinsa ne ko?

Adda Jummai nas: Kar ki yi saurin murna ƙanwata. Ƙarfe nawa kika sauke, kuma a ina ta zauna kafin 2?

Maman Ilham: Wajen 10 da rabi na juye a kula, kuma har lokacin da na zuba masa tana tururi, hannu ba ya iya taɓawa. Tukunyar ta yi wajen faranti 40 kuma ni da yarana ita muka ci da rana.

Adda Jummai nas: To wannan ya taimake ki sosai. In tukunya ce ta lalace da wuya a ce mutum ɗaya ne kawai cikin 40, ki kira kwastomominki na kullum uku ko huɗu da kike da lambarsu ki gaishe su ki ji ko wani ya kwana da ciwon ciki. In kin samu ko mutum biyu daga gida daban-daban to magana ta canza, ki tsayar da wannan girkin ki binciki kula da hannun masu zubawa, musamman in wata na da ƙurji ko yanka a yatsa, shi ma yana kawo irin wannan aman na gaggawa.

Goggo Asabe Pantami: Ni dai abin da nake yi duk shinkafar da ta kwana sai na turara ta sosai da safe, wuta tana kashe komai, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kawo min ƙara.

Adda Jummai nas: Goggo a yi haƙuri, wannan gubar ta shinkafa turarawa ba ta karya ta. Wuta za ta kashe ƙwayar amma abin da ta riga ta zuba yana nan. In ba a sanyaya ta da wuri an sa a firij mai wuta ba, gara a zubar.

Alhaji Buba mai gidan abinci: Ni ta ɓangaren kuɗi zan yi magana. Ki mayar masa da kuɗin farantinsa nan take ba ciniki, ki ce ya kawo katin asibiti ko rasit ki gani. Wanda da gaske aka yi wa ƙarin ruwa zai nuna, har wajen allurar ma za ki gani a hannunsa. In ya nuna, ki ba shi wani abu da sunan dubiya, kamar dubu 5, a gaban shugaban 'yan kasuwar layinku ko wani dattijo da kuke jin nauyinsa ku biyun, a faɗa a fili cewa taimako ne ba biyan diyya ba. Kar ki tura ta waya ke kaɗai ba shaida. In kuma ya ce zai kira duba gari kar ki roƙe shi, ki ce bismillah, ki dai tabbata wajen wanke-wanke da ruwanki da kwandon shara suna tsaf.

Hamma Sale mai shayi: Alhaji dubu 5 kan abincin da shi ya bari a rana? Wannan ai ya ci ya kuma ci kenan. In ya ji an ba shi ai ya samu hujjar cewa ta amsa laifi.

Alhaji Buba mai gidan abinci: Shi ya sa na ce gaban shaida. Ɗan keke ne fa, a rana mutum nawa yake ɗauka daga tashar nan yana hira da su?

Adda Jummai nas: Kuɗi dai ku kuka san wannan. Ni roƙona ki tambaye shi ko yana iya shan ruwa ya zauna kuma yana fitsari. Ya samu gishiri da sukari na leda a kemis ya kaɗa a lita ɗaya na ruwa mai tsafta ya dinga kurɓa. Kar ki ba shi filajil ko wani magani da hannunki. In zawo ya biyo baya fari kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko zazzaɓi mai zafi, ya koma asibiti a take, wannan ba na shinkafar keke ba ne.

Maman Ilham: Na kira mutum uku duk lafiyarsu ƙalau, ɗayan ma cewa ya yi in ajiye masa na yau. Shugaban layinmu ya ce zai zo bayan la'asar. Kuɗin faranti zan mayar, na dubiyan ne har yanzu ban yanke ba, maigidana yana bayan Hamma Sale. Kuma ta yaya zan gaya masa ajiyar da ya yi ce ba tare da ya ga kamar ina ɗora masa ba?

Alhaji Buba mai gidan abinci: Kar ya fito daga bakinki. Ki yi wa shugaban bayanin Adda kafin mutumin ya iso, shi ya faɗa masa.