Kai ƙara wajen manaja, ita ce amsar da ba ta faɗuwa a jarrabawar ɗaukar aiki?

Sadiya, Yaba: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan rubuta jarrabawar wani banki, kuma na ga wannan a takardun gwaji. Ku biyu kuke haɗa rahoton da za a miƙa ƙarfe 4, yanzu ƙarfe 11, abokin aikinka bai turo nasa ɓangaren ba, karo na uku ke nan. A: ka yi masa aikin ka yi shiru. B: ka sanar da manaja nan take. C: ka same shi ku tsayar da lokaci. D: ka miƙa naka kaɗai ba bayani. Yaya Nura ya ce duk inda na ga manaja in zaɓe shi. Haka ne?

Nura, Mile 12: Ina nan kan bakana. Banki gidan doka ne, sabon ma'aikaci ba ya yanke hukunci da kansa. In rahoto ya makara, wa za a tuhuma? Ke ce. Gara oga ya sani tun da wuri.

Hajiya Rabi, Ikeja: Nura, na yi aikin ɗaukar ma'aikata, ba haka ake ba da maki ba. Ana tara gogaggun ma'aikata su auna kowane zaɓi, abin da suka fi haɗuwa a kai shi ke zama amsa. A nan C za su ɗauka. Sadiya, duba abin da aka ajiye miki da gangan: saura awa 5, kuma ba a ce an taɓa yi wa mutumin magana ba. Akwai lokacin gyara, ba a kuma san dalilinsa ba. Wataƙila wani sashe ne ke riƙe masa alƙaluma. Ki same shi ku kaɗai, ki ji matsalar, ku tsayar da ƙarfe 2. In 2 ta yi shiru, sai manaja, yana da sauran awa 2 na neman mafita. Wanda ya ruga sama tun ƙarfe 11 ya nuna ba ya iya warware ƙaramin abu da abokin zamansa.

Auwal, Idi-Araba: Ni dai A zan ɗauka. Rufin asiri ai ibada ne. Inda nake aiki na sha ɗauke wa wani yaro aikinsa, matarsa na kwance asibiti, har yau muna mutunci.

Hajiya Rabi: Allah ya ba ka lada, Malam Auwal. Amma kai ka san halin da yake ciki, a tambayar ba a sani ba. A tana fitar da rahoton yau, ta bar matsalar ta dawo karo na huɗu. Kuma alƙaluman da ba kai ka tattara ba, in kuskure ya shiga, ba wanda ya san inda ya fito.

Nura: To Hajiya, karo na uku fa aka ce. Sai an kai na nawa?

Hajiya Rabi: Nan kam ka taɓa gaskiya. Saboda maimaicin ne B take ta biyu a wurina, ba ta ƙarshe ba. Canza jimla ɗaya ma sai ta koma ta farko. A ce saura minti 20, ko an riga an yi masa magana bai canza ba. Ko kuma ba jinkiri ba ne, kin gan shi yana shiga kwamfuta da lambar sirrin wani, ko yana buɗe wa kwastoma asusu ba cikakkun takardu. Wannan karya doka ce da ta shafi kuɗin jama'a, ba a sasanta ta a bayan ofis. A sanar da manaja ko sashen da ke kula da bin ƙa'ida, ba jira.

Sadiya: Suna kuma tambayar wadda ta fi muni, inda aka rubuta `least effective`.

Hajiya Rabi: D. Rahoto ya tafi rabi, ba wanda aka gargaɗa, matsalar kuma tana nan.

Bashir, Agege: Ban yarda ba, Hajiya. A ta fi muni. Da D aƙalla manaja zai ga giɓin ya tambaya. Da A kuwa an ɓoye masa gaskiya, yana zaton kowa na aikinsa.

Hajiya Rabi: Zai gani ƙarfe 4, lokacin da ba abin da zai iya yi. Amma hujjarka tana da ƙarfi, a irin wannan su kansu masu auna amsar sukan rabu.

Bashir: To ni a A zan tsaya.

Nura: Ni kuma in dai banki ne, karo na uku ya ishe ni zuwa wajen oga.