Na ga PG na bar shi ya kalla, yanzu ba ya barci shi kaɗai

Maman Sadik (Agege): Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Asabar da ta wuce na tafi Mile 12 sayen kayan miya, ga cunkoso, ga ruwan sama, ga mai aikina ta tafi Kano biki ba ta dawo ba. Kafin in fita Sadik, ɗan shekara 8, ya nuna min wani fim a dikoda, na ga PG a jiki na ce ya kalla. Tun ranar sai ya farka cikin dare yana kuka. Babansa ya ce sakacina ne. Yanzu maƙwabciyata za ta kai yara silima a Ikeja ranar haihuwar ɗanta, fim ɗin an rubuta 12A. In bar shi ya bi su?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya, magana ɗaya ce. PG na yara ne, duk abin da ke da lamba kuma na manya. 12A ya haramta ga ɗan shekara 8, a ƙofa ma za a koro shi. Ni gidana an gama da wannan tuntuni.

Anti Bilki: Ba haka ba ne, Baban Ummi. A matakan hukumar tace finafinai ta ƙasa, 12 shi ne wanda ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 12 ya kalla ba. 12A kuwa zai shiga idan babba na tare da shi. Ba za a koro shi ba, amma shigar ba ta nufin ya dace da shi, an dai miƙa wa uwa hukunci ne. Shi kuma PG na nufin a kalla da kulawar iyaye. Maman Sadik, PG kaɗai kika gani, ko akwai wani abu a gabansa?

Maman Sadik: Na duba yanzu, PG13 VL ne. Amma ai da PG ya fara, kuma ina sauri.

Anti Bilki: To ga inda aka samu matsala. PG13 na nufin ɗan ƙasa da 13 sai da babba a kusa, shi kuma shekara biyar ya rage masa, kuma shi kaɗai ne a falo. Haruffan su ne dalilin lambar: V faɗa da duka, L ashar, S kwanciya, N tsiraici. Fim biyu za su iya ɗaukar lamba ɗaya, ɗaya saboda zagi kawai, ɗayan saboda ana harbe mutane. Shi ya sa nake danna maɓallin i a rimot in karanta haruffan kafin lambar ma. Wane wuri ne ya tsorata shi?

Hajiya Larai (Idi-Araba): Ku bar ta lamba. Nawa a wayar yayansu suke kallon fassarar Indiya, ba lamba ba harafi. Na yi magana, kishiyata ta ce na tsani ɗanta ne. Shekara uku ke nan muna wannan rigimar.

Baban Ummi: Shi ya sa na ce a cire dikodar. Bature ne ya rubuta lambar nan, abin da yake gani ba komai ba a wurinmu abin kunya ne.

Maman Sadik: Ba faɗan ba ne fa. Ya ce inda aka sace yaro a kasuwa uwarsa na nemansa. Kuma katun ɗin da yake kallo kullum ana duka a ciki, bai taɓa kuka ba. Ni ban ga laifina ba.

Anti Bilki: Kin ga iyakar haruffan ke nan, babu harafin satar yaro ko mutuwar uwa. Kuma ranar ke ma kina kasuwa, ya haɗa biyun a ransa. Baban Ummi yana da gaskiya a wuri ɗaya: sumba ko shigar banza ba lallai su jawo S ko N ba, sai ki gan su a fim mai ƙaramar lamba. Game da silimar, ki nemi tallar fim ɗin ki kalla, minti biyu ne, ki karanta labarinsa ki ga ko akwai yaron da ke cikin haɗari. A silima akwai duhu da ƙarar sauti, kuma ba ki da rimot ɗin tsayarwa. Ni da nawa ne, wannan makon dai a'a.

Malam Sabo: A yi masa addu'ar barci, a tofa masa Falaƙi da Nasi. Sannan wace silima ce, nawa tikiti yanzu?

Maman Sadik: Addu'a muna yi, Malam. Amma Anti, 'yan ajinsu duk za su je, har da ɗan shekara 7. Na riga na ba da kuɗin tikiti, in na janye maƙwabciyar za ta ce na raina tarbiyyarta.

Anti Bilki: To ki bi su ki zauna kusa da shi, a bakin layi, yadda za ku fita in ya fara riƙe miki hannu.

Maman Sadik: Asabar ina da suna a Obalende.

Baban Ummi: Na dai faɗa tun farko.