Waƙafi mai ruwa da dogon kara sun haɗa ni da matan ƙungiya, me zan gyara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata ta unguwarmu, ni nake tura sanarwa ta tes, saboda ba kowa ke da WhatsApp ba. Ga abin da na tura:

`Taro Asabar 4–6; kudin wata N2000 — N500 tara ga mai makara; a zo da kati`

Wasu suka zo da N1500, wata kuma ta kira tana tambaya ko taron sai 4 ga watan 6 ne. Ni kuwa ina ganin rubutuna daidai yake, haka aka koya mana. Laifin alamomin ne ko na masu karatu? Kuma 'yata ta ce yawan sa aya a saƙo kamar faɗa ne. Yaya zan yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, waɗanda suka zo da 1500 sun iya lissafi ne kawai. Duk inda mutum ya ga kuɗi, ya ga layi, ya sake ganin kuɗi, to debewa zai yi. Ko ni da nake zaman shago haka zan karanta.

Malamin Hausa: Hajiya, ba ki karya wata ƙa'ida babba ba, amma kin ɗora wa alamomin aikin da kalmomi ya kamata su yi. Bari mu bi saƙon naki.

Karan farko, wanda ke tsakanin 4 da 6, kina nufin "zuwa". Na biyu, tsakanin kuɗin wata da tara, kina nufin "sannan kuma akwai". Kin ga alama kusan iri ɗaya ta yi ayyuka biyu daban a layi guda, kuma babu inda aka gaya wa mai karatu wanne ne wanne. Kara ba ya faɗin dangantakar da ke tsakanin abin da ke gabansa da na bayansa. Yana cewa dai akwai dangantaka, ke ki cinka. A dogon rubutu jimlolin da ke kewaye suna taimaka wa mutum ya gane. A tes mai layi biyu, wadda za a karanta ana tsaye a bakin murhu, babu abin da zai taimaka.

Ga yadda zan rubuta shi:

`Taro ranar Asabar, ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma. Kuɗin wata N2000. Wadda ta makara za ta ƙara N500 na tara. A zo da kati.`

Abu huɗu kike so a sani: lokaci, kuɗi, tara, kati. Kowanne ya samu jimlarsa. Kalmar "ƙarfe" ta kashe zancen 4 ga watan 6, "za ta ƙara" kuma ta kashe debewa.

Shi waƙafi mai ruwa, aikinsa haɗa jimloli biyu cikakku waɗanda kowace za ta iya tsayawa da ƙafarta, amma ma'anarsu ta jingina da juna. Misali: "Mai kuɗi ya zo da kuɗi; mai hatsi ya zo da hatsi." Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su cire shi su sa aya. In ma'ana ba ta ragu da komai ba, to tun farko aya ce ta dace. A naki saƙon, lokacin taro da kuɗin wata ba su jingina da juna ba, jere kawai kika yi. In kuwa an sa aya sai aka ji wani abu ya ɓace, yawanci kalma ce ta ɓace: amma, don, sai, shi ya sa. "Shugaba ba za ta zo ba. Za a yi taro." Amma za a yi? Ko don haka za a yi? Hausa tana da kalmar, a rubuta ta.

Ummu Sudais: Ni dai shawarata ki koma turawa da murya, ki huta. Rubutun nan duk wahala ne.

Maman Ilham: 'Yar'uwa, rabinsu ƙaramar waya gare su, murya ba ta shiga.

Injiniya Ɗan Kasuwar Waya: Anti, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma kuɗinki yake ci. Tes guda tana ɗaukar harafi 160 in dai duk haruffan suna cikin jerin da ake kira `GSM-7`. Aya, waƙafi, waƙafi mai ruwa da gajeren karan ɗori duk suna ciki. Dogon karan da kika sa ba ya ciki, haka ma matsakaicin da ke tsakanin 4 da 6. Da zarar guda ɗaya ya shiga, waya tana juya saƙon gaba ɗaya zuwa `UCS-2`, shi kuma 70 kawai yake ɗauka. In ya wuce 70 sai a yanka shi gida-gida, kowane gida 67.

Na ƙirga naki har da sarari, 73 ne. Wato ya haura da uku, don haka kuɗin tes biyu ne ga kowace mata. Na Malam kuwa 116 ne, ya fi naki tsawo sosai, amma in aka rubuta shi da haruffan da ke cikin jerin, tes guda ce. Ki duba ɗan lissafin da wasu wayoyi ke nunawa kusa da maɓallin turawa, za ki ga ya zube nan take in kika sa dogon kara.

Sai dai matsala ɗaya: ƙ da ɗ da ɓ su ma ba sa cikin jerin, haka alamar ₦. Saƙon Malam yadda ya rubuta shi, da lanƙwasarsa, tes biyu ne shi ma. In kina son guda, sai "karfe" da "kudin" da "kara".

Wani abu kuma, in iPhone ce, buga karan ɗori sau biyu a jere tana mayar da shi dogo da kanta. Ana kashewa a `Settings > General > Keyboard > Smart Punctuation`.

Malamin Hausa: Injiniya, na ƙaru da wannan lissafi. Amma ban yarda a zubar da lanƙwasa don tsimin kuɗin tes ba. Dogon kara ado ne, ana iya rayuwa ba shi. Lanƙwasa harafi ce. "Za ta kara N500" ba Hausa ba ce, mai karatu ne kawai yake yi mana kara ya gyara a ransa.

Injiniya Ɗan Kasuwar Waya: Allah ya gafarta Malam, na yarda a takarda. Amma wasu ƙananan wayoyin ba su ma san ƙ ba, akwati suke nunawa a wurinta. Sai mata su ga akwati da "arfe 4".

Hadiza daga Damagaram: Mu nan da muka yi makaranta da Faransanci, an koya mana barin sarari kafin waƙafi mai ruwa da kuma bayansa. In na rubuta wa 'yan'uwana na Kano haka sai su ce na yi kuskure, ni ma in na ga nasu a manne sai in ga kamar sun yi. Ga shi a ƙaramin allo ɗigon saman ba ya fita sosai, tsofaffi waƙafi kawai suke gani. Na daina sa shi a saƙo gaba ɗaya.

Abu Hanifa: Gaskiya waƙafi mai ruwa ba na Hausa ba ne, na Turawa ne, bai kamata ma mu riƙa amfani da shi ba. Haka karan nan duk iri ɗaya ne, dogo da gajere, yanga ce kawai.

Malamin Hausa: Malam Abu Hanifa, in aro ne laifinsa, to ita ma ayar boko da waƙafi tare suka zo. Larabci ma na yau yana da nasa, wanda ake yawan sawa kafin jimlar da ke bayyana dalili. Inda kake da gaskiya shi ne a waya mutane ba sa bambance dogo da gajere. Amma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne Hausa take da nata haɗarin. Gajeren karan ɗori aiki ya riga ya yi masa yawa a rubutunmu: sannu-sannu, kashi-kashi, faɗi-tashi, dubu-dubu. Idon Bahaushe ya saba in ya ga kalma, kara, kalmar ta sake dawowa, to abu ɗaya ne. Ka ɗauki ma'aji ya rubuta wa mace guda:

`Ki kawo dubu - dubu biyar ce ta rage a asusu`

Shi yana nufin ta kawo dubu ɗaya, domin dubu biyar ce ta rage a asusu. Ita za ta fara karanta "dubu-dubu", sai ta zo kan "biyar" ta rikice. Aya bayan "dubu" ta farko, an gama. Wuri ɗaya da nake ganin waƙafi mai ruwa ba shi da madadi shi ne jerin da waƙafi ya riga ya shiga cikinsa: "Binta, ma'aji; Rabi, mai bincike; Hauwa, mataimakiya." In aka sa waƙafi zalla, mata uku sun koma shida. Ko shi ma a waya, sauka layi ga kowace ya fi.

Zee: Anti, game da maganar 'yarki, tana da gaskiya amma ba a kan irin wannan saƙo ba. An yi wani bincike a Jami'ar Binghamton ta Amurka, an buga shi a 2016, inda aka nuna wa ɗalibai gajerun amsoshi na kalma ɗaya, wasu da aya wasu babu. A tes, masu ayar an ɗauke su kamar ba su fito daga zuci ba. Da aka nuna irinsu a rubutun hannu, bambancin bai fito ba. To amma amsa ce ta kalma ɗaya tsakanin abokai, kuma ɗaliban Amurka ne. Mu ma in ƙawata ta ce za ta zo, na mayar da "To." da aya, za ta ce me ya faru. Sanarwa ba hira ba ce. Ba wadda za ta ga aya bayan "N2000" ta ce kina fushi. In kina tsoro, ki sa aya a tsakani ki bar ta ƙarshe, ki buɗe da sallama.

Baban Khalifa: Ni ban taɓa jin aya ta yi mini faɗa ba. Wannan na yaran yanzu ne.

Zee: Baba, ai ku ko "Ina kike" ba alamar tambaya kuke turowa, mu ne muke shiga tashin hankali.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka. Na ɗauki na Malam zan tura na wannan watan. Kan lanƙwasa kuma na rasa wanda zan bi. Injiniya, in na ce "za ta biya tarar N500 daban" na kauce wa "kara", kuma in sa "misalin 4 zuwa 6 na yamma" a madadin "karfe", saura "kudin" kaɗai. In na ƙara sallama a farko, har yanzu tes guda ce?

Injiniya Ɗan Kasuwar Waya: Guda ce, Anti, da sauran wuri. Ki dai kula da "'yan'uwa" in za ki sa. Miƙaƙƙiyar alamar `'` tana cikin jerin, amma lanƙwasasshiyar `’` da wasu wayoyi ke sawa da kansu ba ta ciki, ita ma tana mayar da ke 70. Ki tura wa wata mai ƙaramar waya ta fara gani kafin ki watsa wa kowa.