Kawu ya turo saƙo a hargitse, in kira ko in bari?

Hadiza: Salamu alaikum. Kawuna yana ƙauye wajen Ringim, ya haura sittin, yana da hawan jini da suga. Mutum ne mai tsara rubutu, amma bayan la'asar ya turo min: "gona gona kai ruwa Sale motan ba ba zo". Na tambaye shi, ya sake turo irinsa. Ina jin nauyin kira kada ya ga na raina shi. Ya zan yi?

Auwalu: Waya ce kawai. Ko jika ya ɗauka yana dannawa, ko tana aljihu, ko allon rubutun ya koma Turanci yana canza kalmomi. Ki bari sai da safe.

Anti Binta, ma'aikaciyar jinya: Auwalu, duba saƙon da kyau. Waya a aljihu ko a hannun yaro haruffa take zubarwa, irin "jjjkkm". Allon Turanci kuma kalmar Turanci yake cusawa. Nan Hausa ce tsantsa, kalmomin daidai suke, haɗinsu ne ya watse, ga maimaici, kuma sau biyu. A mai hawan jini, wannan na iya zama farkon shanyewar ɓarin jiki, idan ta taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai harhaɗa magana. Sau da yawa shi kansa bai san ya yi ba daidai ba.

Hadiza, kira yanzu, kada ki sake rubutu. Ki ce, "Kawu, saƙonka bai fito sosai ba, na ce bari in ji muryarka." Ba raini a nan. Amma kada ki tsaya a gaisuwa. "Lafiya lau, alhamdulillahi" ta zauna a baki, mai wannan matsalar na iya faɗinta tiryan-tiryan. Tambaye shi abin da sai ya ƙirƙiro amsa: me ya ci da rana, wa ya je gona yau. Ki saurara ko harshe ya yi nauyi, ko yana laluben sunan abu, ko amsar ta kauce wa tambayar.

In bai ɗauka ba, ko kin ji wani abu, kira wanda ke gidan ya je gabansa. Ya sa shi murmushi, a ga ko baki ya karkace. Ya ɗaga hannu biyu na daƙiƙa 10, a ga ko ɗaya yana sauka. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, a nemi mota. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, likita zai tambaya, don maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa 4 da rabi ake bayarwa. Kada a ba shi asfirin ko a ƙara masa maganin hawan jini. Don a wata shanyewar, jijiyar jini ce ta fashe, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa. Babban asibiti mafi kusa tukuna, su tura Asibitin Malam Aminu Kano in da buƙata.

Malam Idi mai kemis: Ni sugan nake zargi. Tsoho ya sha dawonil, ƙwayar suga, da safe, ya tafi gona bai karya ba, suga ya faɗi. Za a ga gumi, karkarwa, faɗa ba dalili, magana kamar ta maye. In akwai abin gwaji a gidan, ƙasa da 70 faɗuwa ce. A dama sukari cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci sosai. Ko ya warware a kai shi asibiti, don wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare.

Anti Binta: Gaskiya ne, Malam, amma da sharaɗi. Sai in yana farke, yana zaune, yana haɗiye yawunsa. In baki ya karkace ko yana gyangyaɗi, ba a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu ne, don huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe a tafi.

Malam Idi: To in ba abin gwaji, kuma asibiti da nisa? Ni dai zan shafa masa zuma a cikin kumatu.

Anti Binta: Ɗan lakuce, yana kwance ta gefe, wasu na yi. Ni ban sake da shi ba in mutum ba ya haɗiya. Kada dai ya jinkirta tafiyar.

Maman Sadiya: Wai ba ɓacin rai ba ne? Wani in aka ɓata masa rai haka yake rubutu.

Anti Binta: Mai ɓacin rai ko damuwa maganarsa tana da ma'ana, sai dai ta yi nauyi: neman yafiya ba dalili, wasiyya, "na gaji". Shi ma kira ake yi, a saurare shi, a sa wani ya zauna da shi. Na Kawu daban ne. Kuma Hadiza, ko kin kira kin ji ya dawo garau, a kai shi yau. Akwai ƙaramar shanyewa mai wucewa cikin mintuna, babbar na iya biyo bayanta cikin kwana ɗaya ko biyu. A tafi da duk magungunansa a leda, ki kuma tura wa mai rakiyar hoton saƙon da lokacinsa ya nuna wa likita.