A indes mai kolom uku, ina za a sa rana?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum manya. Teburin ciniki ne na dilan albasa mai rassa da yawa, layi kusan miliyan 2. Shafin bashi yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, ga kwerin:

```sql
SELECT * FROM ciniki
WHERE reshe = 'Illela' AND matsayi = 'bashi'
ORDER BY rana DESC LIMIT 20;
```

Indes ɗin da ke kai (rana, reshe, matsayi) ne. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, mi ya gani?

Na Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Abin da na sani, kolom ɗin da ya fi rarrabe layuka shi ake sawa gaba. Rana ta fi reshe yawan ƙima daban-daban, don haka tsarinka daidai ne. Gwada juya WHERE ɗin, matsayi ya rigayi reshe.

Malama daga Arkilla: Malam, juya WHERE ba ya canza komai, injin bai damu da wanda ka fara rubutawa ba. Tsarin cikin indes shi ne magana.

Ƙanena, ɗauki indes kamar littafin bashi da aka jera bisa kolom na farko, sai in an yi kunnen doki a duba na biyu. Da rana a gaba, cinikin dukan rassa a cakuɗe yake cikin kowace rana. A ce bashin Illela layi 4,000 ne cikin miliyan 2, wato ɗaya cikin 500. Injin zai faro daga yau yana komawa baya, sai ya tsallake kusan 10,000 kafin ya tara 20. Wannan ma da sauƙi. Reshen da ya yi wata shida ba a ci bashi ba, sai an ratsa cinikin wata shidan kaf. Shi ya sa za ka ga wani reshe na buɗewa nan take, wani kuma kamar an aiki bawa garinsu. Yi wannan:

```sql
CREATE INDEX ciniki_bashi
ON ciniki (reshe, matsayi, rana);
```

Biyun farko da alamar = ake nemansu, sai su kai injin wuri guda. A wurin nan layukan sun riga sun jeru bisa rana, ya karanta 20 daga ƙarshe ya tsaya. DESC ba matsala ba ce, ana karanta indes ta baya.

Na Runjin Sambo: To tsakanin reshe da matsayi fa? Nan ai maganata ta tsaya.

Malama daga Arkilla: Ga wannan kwerin duk ɗaya ne, tunda duka biyun = ne. Ka duba sauran kwerin: in akwai mai neman reshe kaɗai, reshe ya shiga gaba don shi ma ya amfana.

Baban Gawon Nama: Ni inda na ga tsarin nan ya watse shi ne da aka ƙara `kudi > 500000`. An sa kudi kafin rana, sai `Using filesort` ya dawo a EXPLAIN na MySQL. Dalili kuwa, da zarar kolom ya zama na tazara, layukan sun jeru bisa kuɗi, ranaku sun warwatse. Da aka mayar da shi ƙarshe, (reshe, matsayi, rana, kudi), jerin ya tsaya, ana tace kuɗin cikin indes. Amma ban yarda wannan ne daidai kullum ba. In bashin da ya haura dubu ɗari biyar guda 30 ne kacal, gara a ɗauko talatin ɗin kai tsaye a jera su, da a ratsa mafi yawan 4,000 ɗin.

Malama daga Arkilla: Gaskiya ne Baba, nan sai gwaji, kuma amsar na canzawa da adadin da mai amfani ya rubuta. A PostgreSQL a duba EXPLAIN ANALYZE: `Sort` a sama na nufin indes bai ba da jeri ba, babban adadi a `Rows Removed by Filter` kuma karatun banza ne.

Ɗan Mabera: Yaya, na yi, Illela ta buɗe nan take. Amma da na sa `reshe IN ('Illela','Wurno')` sai `Sort` ya dawo.

Malama daga Arkilla: Dole. IN wuri biyu ne a indes, kowanne da nasa jerin ranaku. Nemi 20 na kowane reshe daban, haɗa da UNION ALL, ka jera 40 ɗin ka ɗauki 20. Rassa biyu ko uku wannan na tafiya. In sun kai goma sha, kwerin ya yi muni, sai a gwada (matsayi, rana) a tace reshe.

Baban Gawon Nama: Kada dai ku tara ma teburin indes huɗu, kowane INSERT sai ya taɓa su duka. Tsohon mai rana a gaba, akwai rahoton da ke amfani da shi kafin ka goge?

Ɗan Mabera: Rahoton ƙarshen wata na dukan rassa, Baba. Bari in duba EXPLAIN ɗinsa tukuna.