Hoton kayan da ba a ƙera ba: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta kan zanen fitila mai caji da ake nema wa jari:

1. An yarda a fara zana cikinta. Batirin 18650 kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. In gangar jikin ta fi shi siranta, injiniya zai gane da kallo ɗaya.

2. Roba ba ta fitowa sumul. A nuna layin da ɓangarori biyu suka haɗu, ramukan noti, da kaurin bango kamar milimita 2.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce hoton kwamfuta ya isa gaban masu zuba jari. Wasu suka tunatar cewa Kickstarter, shafin intanet na tara jari daga jama'a, yana neman samfuri mai aiki, kuma ya hana zanen da za a ɗauka hoton gaske ne. Ni dai na fi karkata ga a rubuta "zane ne" a ƙasansa.