Neman shawara: wa zai fito a matsayin wan miji?

Aminu, Garwa: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Za mu ɗauki wasan minti 15 da waya, a kan mai takaba da 'yarta tilo, da wan mijinta da ya zo maganar gida. Babbanmu shekararsa 26. Yaya zan tsara shekarunsu da halinsu da suturarsu?

Buba, Marwa: Wa alaikumus salam. Ka zuba wa babban naku hoda a gemu, ka naɗa masa rawani. Mun yi haka a dandalin makarantarmu, har aka tafa mana.

Hajiya Asta, Ngaundere: Buba, dandali daban, waya daban, domin mai kallon dandali yana nesa, ita kuwa waya har ƙurar ido take shiga, kuma a zafin Garwa gumi zai wanke hodar kafin a gama fitowa ɗaya. Aminu ɗana, ka roƙi dattijon unguwa mai kimanin shekara 55, ko kuwa ka mai da wan mijin ƙanin miji ɗan shekara 30, sai babbanku ya hau.

Kada ka yi shi mugu. Idan mamacin bai bar ɗa namiji ko iyaye ba, matar tana da tumuni, 'yar tana da rabi, abin da ya rage na ɗan'uwan ne, saboda haka da haƙƙinsa ya zo, laifinsa gaggawa ce kawai. Ka ba shi magana a hankali, da yawan kallon ƙasa, da babbar riga da ta sha wanki, don a gane bashi ne ya koro shi.

Matar kuwa, idan 'yar shekararta 16, ita kada ta gaza 34. Takaba wata 4 ce da kwana 10, babu lalle, babu kwalli, babu 'yan kunne, don haka ku duba hannun mai wasan tun kafin ranar ɗauka, domin lalle yakan daɗe a farce. Ta zama mai haɗiye magana, 'yar kuma mai saurin baki, cikin kayan makaranta.

Musa tela, Kuseri: Ku guji farar shadda a tsakiyar rana, tana ƙona hoto, kuma yadi mai ƙananan ratsi yana rawa a kyamara. Mun taɓa sa wa wata 'yar wasa atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris, sai ga shekarar a rubuce a jikinta, alhali labarin na da ne. A ganina mai takabar ta sa baƙi.

Hajiya Asta: Malam Musa, shari'a ba ta wajabta baƙi ba, ado aka hana. Tsohon zane da hijabi maras kwalliya sun wadatar.

Musa tela: Haka ne, Hajiya, amma mai kallo zai fi saurin ganewa da baƙin.

Aminu: Na gode ƙwarai. Gobe zan je wurin kawuna, ko zai yarda ya fito.